Kalkuleta ta ce 30, amma 2 sin x = 1 ba amsa ɗaya ke gare shi ba

A takardar lissafi ta WAEC ko NECO akwai wata irin tambaya da ɗalibi kan gama cikin minti ɗaya yana murna, alhali rabin amsar kawai ya rubuta. Za a ce: nemo x idan 2 sin x = 1, kuma 0° ≤ x ≤ 360°. Sai ya raba kowane ɓangare da 2, ya sami sin x = 1/2, ya danna sin⁻¹ a kalkuleta, ta nuna 30. Ya rubuta x = 30°, ya ja layi biyu a ƙasa, ya wuce. Talatin ɗin daidai ne. Sai dai akwai 150° wadda ita ma daidai ce, kuma mai tambayar ya sa iyakar nan ta 0° zuwa 360° ne domin ya ga ko ɗalibi zai nemo ta.

Tushen matsalar shi ne an saba da lissafi irin 2x = 1, wanda amsarsa ɗaya ce tak. Shi kuwa 2 sin x = 1, idan ba a sa masa iyaka ba, amsoshinsa ba su ƙirguwa. Aikin mai warwarewa kashi biyu ne: ya fara sanin dukkan kusurwoyin da sin ɗinsu rabi ne, sannan ya tsamo waɗanda suka faɗa cikin iyakar da aka ba shi. Kalkuleta tana taimakawa da mataki na farko na kashin farko kawai.

Mu fara da inda talatin ta fito, domin ba sai da na'ura ake saninta ba. A zana alwatika mai gefe uku daidai, kowane gefe tsawonsa 2. Kowace kusurwa tata 60° ce. A sauko da layi daga ƙoli ya raba ƙasan biyu. Yanzu an sami ƙaramar alwatika mai kusurwoyi 30°, 60° da 90°, gefenta mafi tsawo 2 ne, gefen da ke fuskantar 30° kuma 1 ne, tunda rabin ƙasan ne. Sin ɗin kusurwa shi ne gefen da ke fuskantarta a raba da gefe mafi tsawo, wato 1/2. Shi ke nan, sin 30° = 1/2.

Amma alwatika mai kusurwar 90° ba za ta taɓa nuna maka 150° ba, domin sauran kusurwoyinta biyu dole su kasa 90°. Wanda ya tsaya a ma'anar sin ta alwatika ba shi da hanyar ganin amsa ta biyu, kuma a ganina a nan ne yawancin ɗalibai suke maƙalewa: an koya musu sin a aji ɗaya da alwatika, an kawo musu tambayar 360° a wani aji, ba a gina musu gada tsakani ba.

Gadar ita ce da'ira. Ka ɗaga keke ka juya tayar, ka sa ido a kan bawul ɗinta. A ce nisan bawul daga tsakiyar taya 1 ne. Ya fara daga hannun dama, daidai da tsayin tsakiyar tayar, yana hawa sama, wato yana juyawa akasin tafiyar hannun agogo. Kusurwar da ya juya ita ce x, kuma sin x shi ne tsayin da bawul ɗin ya kai sama da tsakiyar tayar. A 0° tsayin sifili ne. A 90° ya kai ƙoli, tsayin 1. Daga nan ya fara gangarowa ta hagu, a 180° ya dawo sifili, ya nutsa ƙasa da tsakiya har −1 a 270°, ya sake tasowa zuwa sifili a 360°. To tambayar sin x = 1/2 ma'anarta: a waɗanne kusurwoyi bawul ɗin yake a tsayin rabi? Ya wuce ta wannan tsayin sau ɗaya yana hawa, ya sake wucewa yana saukowa. Na hawa shi ne 30°. Na saukowa yana ɗaya gefen, saura masa 30° ya kai 180°, wato 180° − 30° = 150°. Daga nan ne ƙa'idar sin(180° − x) = sin x ta fito, kuma wanda ya ga tayar a zuciyarsa ba ya buƙatar haddace ta.

Me ya sa kalkuleta ba ta faɗi 150° ba? Ba lalacewa ta yi ba. An gina maɓallin sin⁻¹ ne ya riƙa ba da amsa ɗaya kawai, kuma amsar kullum tana tsakanin −90° da 90°. A wannan zangon sin yana hawa ne kawai, daga −1 zuwa 1, bai maimaita ko da ƙima ɗaya ba, shi ya sa aka zaɓe shi. Duk abin da ke waje da wannan zango, ɗan Adam ne zai nemo shi. Littafin jadawalin lissafi mai lambobi huɗu da aka saba shiga jarrabawa da shi ma haka yake, ya tsaya a 90°.

Bayan zagaye ɗaya taya ba ta tsayawa. Idan bawul ya ƙara cikakken zagaye, ya dawo inda yake, don haka duk amsar da aka samu, ƙara mata 360° ko rage mata 360° yana ba da wata amsar. Dukkan amsoshin 2 sin x = 1 sun kasu iyali biyu:

x = 30° + 360°n
x = 150° + 360°n

inda n kowace cikakkiyar lamba ce: 0, 1, 2, ko −1, −2, da sauransu. Wasu littattafai suna dunƙule iyalan biyu a layi ɗaya, x = 180°n + (−1)ⁿ × 30°. Daidai ne, kuma idan ka sa n = 0, 1, 2, 3 za ka sami 30°, 150°, 390°, 510°. Amma ba na ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Layi biyu a buɗe sun fi sauƙin dubawa, kuma kuskuren alama a (−1)ⁿ ba ya nuna kansa.

Yanzu iyaka ta shigo. Ita ce ke yanke wa amsoshin nan marasa adadi inda za su fara da inda za su tsaya. A 0° ≤ x ≤ 360° amsa biyu ce, 30° da 150°. A 0° ≤ x ≤ 720° huɗu ce: 30°, 150°, 390°, 510°. Ta gaba a iyalin farko 750° ce, ta tsallake iyaka. Idan kuma aka ce −360° ≤ x ≤ 0°, babu 30° babu 150° a cikin amsar, sai −330° da −210°, waɗanda aka samu ta rage 360° daga kowace. Lissafi ɗaya, amsa iri uku, kuma iyakar ce kaɗai ta canza.

Idan alamar ta juya, aka ce 2 sin x = −1 a 0° ≤ x ≤ 360°, kalkuleta za ta nuna −30, wadda ma ba ta cikin iyakar. Nan wasu kan share alamar debewa su rubuta 30°, wanda ba daidai ba ne ko kaɗan, tunda sin 30° sama da sifili yake. Ƙa'idar dai ba ta canza ba. Amsa ta biyu ita ce 180° − (−30°) = 210°. Ita kuma −30° a ƙara mata zagaye ɗaya ta zama 330°. Amsoshin ke nan, 210° da 330°, duka a rabin da'ira na ƙasa, inda ya kamata a same su tunda tsayin ƙasa da sifili yake.

Wurin da ya fi cin mutane, har da waɗanda suka san duk abin da aka faɗa a sama, shi ne lokacin da abin da ke cikin sin ba x tsurarsa ba ne. A ɗauki wannan: 2 sin 2x = 1, a 0° ≤ x ≤ 360°.

Abin da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne: sin 2x = 1/2, 2x = 30°, x = 15°. Sai ɗalibin ya tuna cewa akwai amsa ta biyu, ya yi 180° − 15° = 165°. A gwada wannan: idan x = 165°, to 2x = 330°, kuma sin 330° = −1/2. Ba ta yi ba. Kuskuren shi ne an yi amfani da ƙa'idar 180° a kan x, alhali a kan abin da ke cikin sin take aiki, wato 2x. Rabawa da 2 shi ne mataki na ƙarshe, ba a yinsa sai an gama tattara dukkan ƙimomin 2x.

Wanda ya fi wancan lura zai rubuta 2x = 30° ko 150°, ya raba, ya sami 15° da 75°. Duka biyun daidai ne, amma har yanzu rabin amsa ne. Dalilin yana cikin iyakar. An ba da ita ne a kan x. Idan x tana tafiya daga 0° zuwa 360°, to 2x tana tafiya daga 0° zuwa 720°, zagaye biyu ke nan, kuma a kowane zagaye ana wucewa ta tsayin rabi sau biyu.

Ga yadda ya kamata a bi. A sa wa abin da ke cikin sin sabon suna, a ce u = 2x. Kafin a taɓa kalkuleta, a fara juya iyakar: a ninka kowane ɓangarenta da 2, a sami 0° ≤ u ≤ 720°. Yanzu tambayar ta koma wadda muka riga muka warware, sin u = 1/2 a zagaye biyu, kuma amsarta u = 30°, 150°, 390°, 510°. Sai a ƙarshe a raba kowace da 2:

x = 15°, 75°, 195°, 255°

A duba ɗaya daga cikin sababbin: 2 × 195° = 390°, wanda 30° ne bayan cikakken zagaye, sin ɗinsa rabi. Ta yi. Lura kuma cewa 195° ita ce 15° + 180°, 255° kuma 75° + 180°. Tazarar maimaituwa ta ragu daga 360° zuwa 180°, domin 2x tana gama zagaye ɗaya a lokacin da x ta yi rabin zagaye. Wanda ya raba da 2 tun farko sannan ya riƙa ƙara 360° zai tsallake waɗannan biyun bai sani ba.

Akwai hanyar ƙirga amsoshi tun kafin a fara, kuma tana da amfani ƙwarai a ɗakin jarrabawa. Idan lissafin sin kx = c ne, k cikakkiyar lamba ce sama da sifili, c kuma tana tsakanin −1 da 1 ba ta kai ko ɗayansu ba, to a 0° ≤ x < 360° amsoshin 2k ne. Sin 2x, huɗu. Sin 3x, shida. Idan ka ƙare da amsa biyu a tambayar sin 3x, ka san huɗu sun ɓace maka, ba sai wani ya gaya maka ba. A sin 3x = 1/2 iyakar u ta kai 1080°, ƙimominta 30°, 150°, 390°, 510°, 750°, 870°, kuma x ta zama 10°, 50°, 130°, 170°, 250°, 290°.

Juya iyaka yana da wani amfanin da ninkawa ba ta nuna shi sosai, sai an zo ga ƙari. A ce 2 sin(x + 60°) = 1, a 0° ≤ x ≤ 360°. A sa u = x + 60°, a ƙara 60° a kowane ɓangaren iyaka, a sami 60° ≤ u ≤ 420°. Kalkuleta ta ce u = 30°. Amma 30° ba ta kai 60° ba, tana waje. Amsar da na'ura ta bayar ita ce ta farko da za a jefar! Waɗanda suke ciki su ne 150° da 390°, ta gaba 510° ta wuce 420°. A debe 60° daga kowace, x = 90° da x = 330°. Wanda bai juya iyakar ba zai yi 30° − 60° = −30°, ya ga tana waje, ya jefar da ita, ya tsaya da 90° kaɗai, bai lura cewa −30° ɗin nan ce take dawowa cikin iyaka da sunan 330° ba. Adadin zagayen bai ƙaru ba a nan, faɗin iyakar 360° ne har yanzu, don haka amsa biyu ake jira, kuma wannan ƙirgar kaɗai ta isa ta tashe shi.

Cos da tan ba su buƙatar dogon bayani, hanyar ɗaya ce, abokin amsar farko ne kawai ya bambanta. Cos yana auna nisan dama ko hagu daga tsakiya, don haka abokin x shi ne 360° − x: 2 cos x = 1 yana ba da 60° da 300°. Tan kuwa yana maimaita kansa duk 180°, iyali ɗaya ke gare shi: tan x = 1 yana ba da 45° da 225°. Abin kiyayewa kawai kada a ari ƙa'idar sin a sa wa cos. Cos(180° − 60°) = −1/2 ne.

Akwai wata hanyar rasa amsa wadda ba ta da alaƙa da kalkuleta ko iyaka, hannun mai lissafin ne ke jawo ta. A ce 2 sin²x = sin x, a 0° ≤ x ≤ 360°. Ido yana ganin sin x a ɓangarorin biyu, hannu yana ƙaiƙayin soke shi. Idan aka soke, saura 2 sin x = 1, tsohon abokinmu, amsa 30° da 150°. Sai dai sokewa rabawa ce da sin x, kuma ba a rabawa da sifili. Duk kusurwar da sin ɗinta sifili ne an share ta a wannan matakin, alhali tana gamsar da lissafin asali: sifili a hagu, sifili a dama. Hanyar da ta dace ita ce a kwaso komai zuwa ɓangare ɗaya, a fitar da abin da suka yi tarayya a kai:

sin x (2 sin x − 1) = 0

Abu biyu aka ninka aka sami sifili, to ɗayansu sifili ne. Ko dai sin x = 0, wanda ke ba da 0°, 180°, 360°, ko kuma sin x = 1/2, wanda ke ba da 30° da 150°. Amsa biyar ke nan: 0°, 30°, 150°, 180°, 360°. Mai sokewa ya rasa uku cikin biyar.

Wannan misalin ya kuma nuna dalilin da ya sa ake karanta alamomin iyaka da idon basira. Da ≤ a ɓangarorin biyu, 0° da 360° suna ciki. Da a ce an rubuta 0° ≤ x < 360°, to 360° ta fita, saura huɗu. Da 0° < x < 360° ne, saura uku. A tambayar 2 sin x = 1 wannan bambancin bai shafi komai ba, tunda babu amsa a bakin iyaka, shi ya sa ɗalibi kan saba da wuce alamar bai duba ba, har ranar da ta zama ita ce tambayar.

Ba kowane lissafi ne ke ba da amsa biyu a zagaye ba. Sin x = 1 amsarsa ɗaya ce, 90°, domin ƙoli sau ɗaya ake taɓa shi, kuma 180° − 90° ma 90° ɗin ce. Sin x = 2 ba shi da amsa kwata-kwata, tunda tsayin ba ya wuce 1. Kalkuleta za ta nuna saƙon kuskure, kuma wannan saƙon shi ne amsar. Hakan yakan taso idan aka warware lissafi mai sin²x aka sami ƙima biyu, ɗaya a cikin −1 zuwa 1, ɗaya a waje. Ta wajen sai a rubuta cewa ba ta yiwuwa, a ci gaba da ɗayar.

Idan ƙimar ba irin ta 30° da 45° da 60° ba ce, hanyar ba ta canza ba, sai dai a yi hattara da taƙaita lamba. A 5 sin x = 2, sin x = 0.4, kalkuleta ta ba da kusan 23.578°. Abokiyarta 180° − 23.578° = 156.422°. A ƙarshe ne ake taƙaitawa zuwa 23.6° da 156.4°, musamman idan akwai ninkawa a gaba, kamar a sin(x/2), inda ɗan kuskuren taƙaitawa ke ninkuwa biyu.

Saura batun ma'auni. Ɗaliban Nijar da ke karatu da Faransanci, da waɗanda suka shiga jami'a a Nijeriya, sun fi haɗuwa da wannan tambaya a radiyan: iyakar ta zama 0 ≤ x ≤ 2π. Cikakken zagaye 2π ne, rabinsa π, don haka 30° ita ce π/6, abokiyarta π − π/6 = 5π/6, kuma a maimakon 360°n ana ƙara 2πn. Amsa tana bin ma'aunin iyakar: idan an ba da iyaka da π, amsar da π ake rubuta ta. Kalkuleta ma sai an duba yanayin da take ciki. Gwaji mafi sauri shi ne a danna sin⁻¹ na 0.5. Idan ta nuna 30, tana kan digiri. Idan ta nuna 0.5236, tana kan radiyan, kuma wannan lambar π/6 ce. Idan ta nuna 33.33, ta faɗa ma'auni na uku da ke raba zagaye kashi 400, wanda ba a amfani da shi a waɗannan tambayoyin, sai a mayar da ita kan digiri kafin a ci gaba. A radiyan amsoshin 2 sin 2x = 1 su ne π/12, 5π/12, 13π/12 da 17π/12, kuma an same su ne bayan an faɗaɗa iyakar u zuwa 4π, kamar yadda aka faɗaɗa ta zuwa 720° a lissafin digiri.